Yadda bolt 368 ke fitowa daga soket mai bolt 230

A ɗauko abubuwa uku daga cikin kayan lantarki: rizisto mai om 30, da koyil, wato wayar tagulla da aka nannaɗe, mai henri 0.255, da kafasito mai maikrofarad 80. A haɗa su a jere, wutsiyar wannan a kan wancan, yadda wuta ba ta da wata hanya sai ta ratsa dukansu ɗaya bayan ɗaya. Sai a jona bakin farko da na ƙarshe da wutar gida, wadda a Najeriya take kusan bolt 230, tana kuma kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, abin da ake kira haz 50. In aka ɗora mitar awo a kan rizisto, za ta nuna bolt 138. A kan koyil za ta nuna 368, a kan kafasito kuwa 184.

Duk wanda ya tara lambobin nan uku zai samu 690, alhali soket bai ba da abin da ya wuce 230 ba. Koyil shi kaɗai ya fi soket ɗin da ke ciyar da shi. Mitar lafiyarta ƙalau, kuma babu wata wuta da ta shigo ta bayan fage. Matsalar tana wajen tarawar, domin an tara abubuwa uku da ba sa kaiwa ƙololuwarsu a lokaci guda. Lissafin da ke warware wannan shi injiniyoyi ke kira lissafin feza.

Dole a fara da yanayin wutar kanta. Wutar batir hanya ɗaya take bi, ƙarfinta kuma a tsaye yake. Wutar gida kuwa tashi take daga sifili ta kai ƙololuwa, ta sauko, ta juya ta ɗaya ɓangaren, ta sake dawowa sifili, duk a cikin kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa, wato milisakan 20. Lambar 230 da ake faɗa ba ita ce ƙololuwar ba. Wani matsakaici ne da mita ke nunawa, wanda ake rubuta RMS a jikin mitoci, ma'anarsa ƙarfin wutar batir da zai haifar da zafi daidai da na wannan wuta. Ƙololuwar ta fi shi da ninki 1.414, don haka wutar 230 takan taɓa bolt 325 a kowane zagaye.

Tunda a jere aka haɗa abubuwan uku, kwararar wuta ɗaya ce ke ratsa su. Amfiyar da ta shiga rizisto ita ce ta shiga koyil, ita ce ta shiga kafasito, a daidai lokaci ɗaya. Inda suka bambanta shi ne lokacin da boltej na kowannensu ke kaiwa ƙololuwa.

Rizisto ba shi da wata gardama. Boltej ɗinsa na tashi tare da kwarara, yana sauka tare da ita. Koyil kuwa bai damu da yawan kwarara ba, abin da yake ƙi shi ne ta canza. Maganaɗisun da ke cikinsa yana turjewa duk lokacin da kwarara ke ƙaruwa ko raguwa, kuma turjiyar ta fi ƙarfi a lokacin da canjin ya fi sauri. Wannan lokaci shi ne sa'ad da kwarara ke tsallake sifili. In ta kai ƙololuwa takan ɗan tsaya kafin ta juyo, a nan kuwa boltej na koyil sifili ne. Saboda haka ƙololuwar boltej ɗin koyil tana riga ƙololuwar kwarara zuwa da rubu'in zagaye, wato milisakan 5.

Kafasito akasin haka yake yi. Faranti biyu ne da ke tara caji, kuma boltej ɗinsa ya dogara ne ga yawan cajin da ya riga ya taru. Muddin kwarara na shiga, caji na ƙaruwa, ko da kwararar ta fara raguwa. Ba ya cika sai ta koma sifili. Ke nan boltej ɗinsa yana biyo bayan kwarara da milisakan 5. Koyil yana gaba da rubu'i, kafasito yana baya da rubu'i, tsakaninsu akwai rabin zagaye cif. A duk lokacin da ɗaya ke turawa gaba, ɗayan yana turawa baya.

Ana iya tsayar da agogo a duba. A daidai lokacin da kwarara ta kai ƙololuwarta, rizisto yana ɗauke da bolt 195, koyil da kafasito kuma babu komai a kansu, soket ma a wannan ƙiftawar ido bolt 195 yake bayarwa. In aka koma baya da milisakan 5, kwarara sifili ce, rizisto babu komai, koyil yana da bolt 520, kafasito yana da 260 ta ɗaya ɓangaren. A cire 260 daga 520, saura 260, kuma abin da soket ke bayarwa ke nan a lokacin. Dokar da Gustav Kirchhoff ya kafa a 1845, cewa boltej na sassan da ke jere in an tara su dole su yi daidai da na tushen wuta, tana nan daram a kowace ƙiftawar ido. Mita ce ba ta faɗin lokaci, girma kawai take nunawa.

Bin igiyoyi huɗu ƙiftawa bayan ƙiftawa aiki ne mai gajiyarwa, kuma kafin shekarun 1890 injiniyan da ke son amsa sai ya shiga lissafi mai zurfi ko zane-zane masu cin lokaci. A 1893 Arthur Kennelly ya nuna cewa ana iya rubuta turjiyar irin wannan sakit da lambobi masu ɓangare biyu. A shekarar dai Charles Proteus Steinmetz, wanda aka haifa a Breslau a 1865 ya kuma yi ƙaura zuwa Amurka, ya gabatar da cikakkiyar hanyar a babban taron masana lantarki na duniya da aka yi a Chicago. Ya ci gaba da faɗaɗa ta yana aiki da kamfanin General Electric, kuma littafin da ya fitar a 1897 ya sa ta zama hanyar da ake koya wa injiniyoyi har yau.

Dabarar ita ce a ɗauki kowace igiya a matsayin kibiya da ke juyawa a kan gindinta, zagaye 50 a daƙiƙa. Tsawon kibiyar shi ne girman boltej ko kwarara. Tunda duk kibiyoyin da gudu ɗaya suke juyawa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa, don haka babu amfanin a ci gaba da kallon juyawar. Sai a tsayar da su, a riƙe abu biyu kawai game da kowace, tsawonta da kusurwarta. Wannan kibiya da aka tsayar ita ce feza. Zagaye ɗaya digiri 360 ne, milisakan 5 kuwa digiri 90.

A sakit na jeri, da kibiyar kwarara ake farawa, tunda ita ce kowa ya yi tarayya a kai. A kwantar da ita tana kallon gabas. Kibiyar rizisto ma gabas za ta kalla, tsawonta 138. Ta koyil, mai riga kwarara da digiri 90, arewa za ta kalla, tsawonta 368. Ta kafasito kudu, tsawonta 184. Yanzu tarawar ta zama kamar tafiyar ƙafa. Mutumin da ya yi taku 138 gabas, ya juya ya yi 368 arewa, sannan ya dawo kudu taku 184, ƙafarsa ta taka 690, amma bai yi nisan haka daga inda ya tashi ba. Yana gabas da taku 138, yana arewa da 184, kuma in aka ja igiya kai tsaye daga mafari zuwa inda yake tsaye, ƙa'idar Pythagoras ta ce:

√(138² + 184²) = 230

Wanda ke gina sakit kuwa ba ya jiran mita ta gaya masa waɗannan lambobi. Daga abin da aka rubuta a jikin kayan yake fito da su, kuma mataki na farko shi ne ya san yawan turjiyar da koyil da kafasito za su yi a firikwensin da aka ba shi. Wannan turjiya, da ake kira riyaktans, da om ake auna ta kamar ta rizisto, sai dai ita tana canzawa da saurin juyawar wuta. Ana fara ninka firikwensi da 2π, wanda a haz 50 yake ba da 314. Daga nan:

XL = 2πfL = 314 × 0.255 ≈ 80 Ω

XC = 1/(2πfC) = 1/(314 × 0.00008) ≈ 40 Ω

A nan ɗalibai suka fi zamewa, domin sukan manta su mayar da maikrofarad zuwa farad, sai amsa ta kauce da ninki miliyan. Maikrofarad 80 ita ce 0.00008 ta farad.

Mataki na biyu shi ne haɗa turjiyoyin uku. Don kada a riƙa zana kibiyoyi kullum, ana sa harafin j a gaban duk lambar da ke kallon arewa, −j kuma a gaban mai kallon kudu. Masana lissafi i suke rubutawa, amma injiniyoyin lantarki sun riga sun ba kwarara wannan harafi. Aikin j shi ne juya kibiya da digiri 90. In aka juya sau biyu kibiyar ta kalli yamma, ta zama kishiyar yadda take, shi ya sa j × j = −1. Jimillar turjiyar, wadda Oliver Heaviside ya raɗa wa suna imfidans a 1886, ita ce:

Z = R + j(XL − XC) = 30 + j(80 − 40) = 30 + j40

Tsawon wannan kibiya √(30² + 40²) ne, wato om 50, kusurwarta kuma digiri 53 sama da gabas. Daga nan dokar Ohm ta ishe mutum. A raba 230 da 50, kwarara ta zama amfiya 4.6. A ninka 4.6 da 30, da 80, da 40, sai ga 138, da 368, da 184.

Kusurwar nan ta digiri 53 tana da nata labarin. Ma'anarta boltej na soket yana riga kwarara kaiwa ƙololuwa da kusan milisakan 3, kuma a na'urar osiloskof ana ganin wannan tazara ƙuru-ƙuru tsakanin igiyoyin biyu. Tunda kusurwar ta karkata arewa, koyil ne ya rinjayi kafasito. Tana kuma faɗin yawan wutar da ke yin aiki. In aka ninka bolt 230 da amfiya 4.6 za a samu 1058, amma rizisto, wanda shi kaɗai ke mayar da wuta zafi, wat 635 kawai yake ci. Kashi 60 cikin 100 ke nan, ko 0.6, wanda shi ne cos 53°. Koyil da kafasito ba sa cin komai. Sukan karɓi makamashi a wani sashe na zagaye su mayar a wani, wani ɓangare suna musayarsa tsakaninsu, ragowar kuma yana kai da komowa tsakaninsu da soket. Amma wayar da ta kawo wutar da janareton da ya haifar da ita, amfiya 4.6 ɗin suke ɗauka gaba ɗaya, da ita kuma suke yin zafi. Wannan ne dalilin da ake rubuta kVA a jikin janareto da taransifoma.

Duk waɗannan amsoshi na haz 50 ne kaɗai, kuma a ƙasar da janareto ya zama ruwan dare wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ƙaramin janareto yana ba da haz 50 ne in injinsa na juyawa sau 3000 a minti. In kaya suka yi masa nauyi ya sauko zuwa 2700, firikwensi ya koma 45. Turjiyar koyil za ta ragu zuwa om 72, ta kafasito ta hau zuwa 44, ratar da ke tsakaninsu ta tsuke daga 40 zuwa 28. Imfidans ya sauko zuwa 41, kuma in boltej bai canza ba, kwarara ta hau zuwa amfiya 5.6. Babu wanda ya taɓa ko waya ɗaya, amma sakit ɗin ya ƙara jan wuta da fiye da kashi 20 cikin 100.

In aka ci gaba da rage firikwensi, a wajen haz 35 turjiyoyin biyu za su yi kunnen doki su share juna. Wannan yanayi shi ne rezonans, kuma ana samun wurinsa da f = 1/(2π√(LC)). Ana iya faɗawa cikinsa a haz 50 ma, in aka canza kafasito. Misali wani ya cire mai maikrofarad 80 ya sa mai 40, yana zaton ƙarami zai rage wuta. Turjiyar sabon kafasiton om 80 ce, daidai da ta koyil. Abin da ya rage yana tare wuta shi ne rizisto mai om 30 kaɗai, sai kwarara ta hau zuwa kusan amfiya 7.7. Koyil da kafasito kowannensu zai ɗauki fiye da bolt 610, ƙololuwarsa kuma ta haura 860, duk daga soket mai 230. Kafasiton da aka ƙera don bolt 450 ba zai daɗe a haka ba. Abin da ya sa wannan yanayi ke yaudarar mai gyara shi ne in ya ɗora mita ta haɗe koyil da kafasito gaba ɗaya, kusan sifili zai gani, domin kibiyoyin biyu sun share juna. Sai ya auna kowanne shi kaɗai haɗarin ke bayyana. Masu ƙera rediyo da gangan suke neman rezonans, da shi ake zaɓo tasha ɗaya daga cikin masu yawa, amma a layin wuta mai ƙarfi, in ya zo ba da shiri ba, ƙona kaya yake yi.

A kan tebur, lambobi ba sa fitowa tsaf kamar na takarda, kuma babban dalili shi ne koyil na gaske doguwar waya ce mai nata turjiyar. A ce rizisto om 20 ne, wayar koyil kuma tana da om 10. Wanda ya manta da goman nan zai lissafa amfiya 5.1, mita kuwa ta nuna masa 4.6. A rezonans kuskuren ya fi muni, domin zai sa ran 11.5 ya ga 7.7. Maganin abin mai sauƙi ne: a cire koyil daga wuta, a auna turjiyar wayarsa da mita, a ƙara a kan R. Kafasito ma ba kasafai yake daidai da lambar jikinsa ba, yakan kauce da kashi 5 ko 10 cikin 100 tun yana sabo, ya kuma ragu in ya tsufa.

Akwai kuma wuraren da hanyar feza ba ta da hurumi. Tana aiki ne bayan sakit ya natsu, ba ta cewa komai game da ƙiftawar farko da aka danna makunni, lokacin da kwarara kan yi tsalle kafin ta daidaita. Tana kuma buƙatar igiya mai santsi mai firikwensi ɗaya. Inbata mai araha da ke fitar da wuta mai matakala tana tafe da wasu firikwensi a kan haz 50, irin su 150 da 250, kuma kowanne sai an yi masa nasa lissafin daban. A haz 250 kafasiton nan mai om 40 ya koma om 8, shi ya sa kafasito ke shan wahala a irin wannan wuta. Haka nan koyil mai ƙarfe a ciki, in kwarara ta yi yawa ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu, henrinsa ya faɗi, lambar da aka yi lissafi da ita ta daina zama gaskiya.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga abin da idonsu ba ya buƙatar kai su ga wutar soket, kuma bai kamata ya yi hakan ba. Ƙaramin taransifoma mai fitar da bolt 12 ya wadatar, tare da kafasito irin na wutar gida, ba mai alamar + da − ba. Da kayan nan uku kwarara za ta zama amfiya 0.24, mita kuma ta nuna kusan 7.2 a rizisto, 19.2 a koyil, 9.6 a kafasito. Wannan gwaji ya fi shafi goma na allo shiga kai, kuma abin takaici ne a ce ɗalibi ya haddace Z = R + jX bai taɓa yin sa ba.

Irin wannan sakit yana rataye a silin gidaje da yawa. Fankar sama tana da naɗin waya biyu. Ɗaya yana karɓar wuta kai tsaye, kwararar cikinsa tana biyo bayan boltej. Ɗayan an haɗa shi a jere da kafasito, galibi mai maikrofarad 2.5 ko kusa da haka, wanda turjiyarsa a haz 50 ta kai om 1270. Wannan ta rinjayi ta naɗin, sai kwarara a wannan reshe ta riga boltej. Tazarar kusurwa tsakanin kwararar rassan biyu ita ke sa maganaɗisu ya riƙa zagayawa ya ja fanka. Juyawar motar tana ƙara nata tasiri a lissafin, amma kibiyoyin suna nan yadda aka zana su, kuma boltej na kafasiton fanka yakan wuce na soket. Shi ya sa ake rubuta 400 ko 450 a jikinsa. In ya tsufa ya sauko zuwa maikrofarad 1.5, turjiyarsa ta haura om 2100, kwarara a reshensa ta ragu, fanka ta riƙa jan jiki ko ta tsaya tana gurnani sai an tura ta da hannu.

Mai canza wannan kafasito ya duba lambobi biyu. Ta maikrofarad ta zama daidai da ta tsohon, domin wanda ya fi girma yana rage turjiya, ya ƙara kwarara, naɗin wayar ya yi zafi har ya ƙone. Ta bolt kuwa kada ta gaza ta tsohon, ko da mai shago ya ce 250 ta isa tunda wutar gida 230 ce. Kafin a taɓa shi a kashe wuta daga tushe, a kuma sauke cajin da ya rage a cikinsa ta hanyar rizisto, domin kafasito yana iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an kashe makunni.